Minti biyu a gaban kwamitin ɗaukar aiki

Ƙannena na Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, musamman waɗanda suka gama karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ko a Jami'ar Bayero, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, akwai tambaya guda da kusan kowane kwamitin ɗaukar aiki yake yi. Ɗaya daga cikinsu zai ɗora yatsa a kan wani layi na takardar tarihin karatunka da aikinka, wadda muka fi sani da sibi, ya ce: “Ba mu labarin wannan aikin.” A nan ne da yawa daga cikinku suke zubar da abin da suka sha wahalar tarawa. Wani ya faɗi jimla biyu ya yi shiru, a ɗauka sayen aikin ya yi. Wani kuma ya fara tun daga tarihin wutar sola a duniya, minti bakwai bai iso inda hannunsa ya taɓa ba, har a katse shi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, zurfin sani yana fitowa ne a wurin da ka yanke shawara tsakanin hanyoyi biyu, ka faɗi dalilinka, kuma dalilin yana da adadi a bayansa. Jera sunayen kayan aiki kowa yana iyawa, har wanda ya haddace daga littafin wani. Amma wanda bai yi aikin ba ba zai iya gaya maka abin da ya sa ya bar waccan hanya ya bi wannan ba. Don haka duk shirin da za ka yi, shirin gano waɗannan wurare ne a cikin aikinka, ka sa su a gaba, ka bar sauran a baya sai an nema.

Bari mu ɗauki aiki irin wanda kowa ya sani a ƙasarmu, wato rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A ce wani ɗan Gafasa ya karanta injiniyan lantarki, ya yi zaman koyon aiki na wata shida a wani kamfanin da yake haɗa irin waɗannan rijiyoyi, kuma shi aka ba wa lissafin girman famfo da farantan sola na wata unguwa mai mutum 500. Adadin da zan kawo na misali ne, amma lissafin daidai yake, kowa zai iya bi da alƙalaminsa. Kafin mu zo ga yadda zai faɗa, sai mun san abin da ya yi, domin ba a taƙaita abin da ba a fahimta ba.

Ya fara da buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi mutum ɗaya sha da girki da ɗan tsabta. Mutum 500 ke nan suna buƙatar lita 10,000 kowace rana. Rana a ƙasar Kano tana da ƙarfi, amma bai yi lissafi da ranar da ta fi kowace haske ba. Ya tuna da hadarin Agusta da ƙurar hunturu, ya ɗauki awa biyar na cikakkiyar rana. Lita 10,000 a raba biyar, famfon zai riƙa ɗago lita 2,000 a awa.

Sai tsayin da ruwan zai hau. Ruwa yana kwance a mita 22 ƙasa da bakin rijiyar. Idan famfo ya fara ja, ruwan yana ƙara sauka da mita 8. Bakin tanki yana sama da ƙasa da mita 8, sannan gogayyar ruwa da bangon bututu tana cin kamar mita 2. Jimilla mita 40. Da ƙa'idar P = ρ × g × Q × H ya samu cewa ɗaga wannan ruwa zuwa wannan tsayi yana buƙatar wat 218. Amma famfo da motarsa ba sa mayar da duk wutar da suka sha zuwa aiki, ya ɗauki kashi 45 cikin ɗari, buƙatar ta koma wajen wat 485. Farantan ma ba sa ba da abin da aka rubuta a bayansu. An auna su ne a zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu fuskar faranti tana iya kai digiri 60, kuma kowane digiri na ƙari yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, wato asarar kashi 14 tun ba a zo ga ƙura da wayoyi ba. Da ya ware kashi ɗaya cikin huɗu don duk waɗannan asarori, sai lissafi ya tsaya a wajen wat 650, ya sa faranti uku masu wat 250 kowanne.

Shawarar da ta fi nauyi ita ce ta batir. Mutanen unguwa sun so a sa batir don famfo ya yi aiki da dare. Ya ba da shawarar a sa tanki mai lita 10,000 maimakon haka. Batirin dalma yana saurin mutuwa a zafi, ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu, kuma idan ya mutu sai an sake haɗa kuɗi. Tanki kuwa yana ajiye aikin yini guda ba tare da wani abu da zai ƙone ba.

Sannan matsala ta zo. An haƙa rijiyar bayan damina. Da bazara ta kama, sai famfo ya fara tofar da iska da ɗan yashi da tsakar rana, na'urar da ke sarrafa shi tana kashe shi. Kowa ya ce ƙura ce ta rufe farantai. Ya wanke su, babu canji. Ya auna wutar da suke bayarwa, lafiya lau. Abin da ya buɗe masa ido shi ne lokacin da matsalar take zuwa. Da laifin farantai ne, da safe ko lokacin hazo za a gani, sa'ad da wuta take da rauni. Wannan kuwa tana zuwa ne daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma idan an bar rijiyar ta huta na ɗan lokaci ruwa yana dawowa. Ashe famfon ne yake ja fiye da yadda ƙasa take zubo wa rijiyar ruwa a rani. Ya rage gudun famfon daga na'urar har ya koma lita 1,400 a awa, ya tabbatar da bokiti mai lita 20 da agogon waya: a da yana cika a daƙiƙa 36, yanzu a 51. Ya sa ɗan firikwensin da yake tsayar da famfo idan ruwa ya sauka. Da yake yanzu famfon yana buƙatar wuta kaɗan, sai ya riƙa kai cikakken gudunsa tun hantsi har kusan la'asar, awa shida, ga kuma abin da yake tarawa da sassafe da yamma. Abin da yake shiga tanki a rana ya tsaya a wajen lita 9,600.

To, duk wannan idan za a faɗa filla-filla zai ci minti goma, kuma kuskuren da ake yi ke nan: a fara daga farko a bi shi a jere kamar yadda ya faru. Kwamiti ba ya buƙatar jerin kwanaki. Ku dubi mai sayar da gero a kasuwar Gaya. Ba ya zazzage buhu a ƙasa don a yarda da kayansa. Yana buɗe baki ya ɗebo cikin tafi, mai saye ya gani, sannan shi mai sayen ya cusa hannunsa can ciki inda ya ga dama. Abin da ake nema shi ne tafin farko ya yi kyau, kuma duk inda aka cusa hannu a samu irinsa. Amsarka ta farko ita ce tafin. Ga yadda za ta kasance a bakin wannan saurayi:

“Rijiyar burtsatse ce mai sola ta unguwa mai mutum 500, suna buƙatar lita 10,000 a rana, babu wutar gwamnati a wurin. Mu huɗu ne a aikin, ni aka ba wa lissafin famfo da farantai da kuma gwajin bayan an haɗa. Na lissafa lita 2,000 a awa a kan tsayin mita 40, na sa farantai na wat 750 bayan na cire asarar zafi da ƙura. Babbar shawarar da na bayar ita ce a ajiye ruwa a tanki maimakon ajiye wuta a batir, saboda zafinmu yana kashe batir da wuri kuma unguwar ba ta da asusun sauya shi. Da bazara ta zo famfon ya fara jan iska da tsakar rana. An zaci ƙura ce, amma na lura matsalar tana zuwa ne lokacin da wuta ta fi yawa, don haka rijiyar ce ba ta iya biyan famfon. Na rage gudunsa zuwa lita 1,400 a awa, na sa firikwensin ruwa, ya daina tsayawa, ana samun kusan lita 9,600 a rana. Da zan sake, da na nemi a yi gwajin jan ruwa na awa 24 kafin a sayi famfo.”

Ku karanta wannan da murya ku duba agogo, bai kai minti biyu ba. Ku lura da abin da ya shiga. Jimla ta farko ta faɗi matsala da takurar da ke tattare da ita, domin aiki ba ya burge kowa sai an san abin da ya sa yake da wuya. Ta biyu ta raba abin da ya yi da abin da wasu suka yi. Sai shawara ɗaya da dalilinta, sai matsala ɗaya da yadda ya gano ta, sai sakamakon da aka auna, sai iyakar aikin. Ku lura kuma da abin da bai shiga ba: bai faɗi ƙa'idar lissafi ba, bai faɗi kashi 45 ba, bai ambaci digiri 60 ba, bai faɗi daƙiƙa 51 ba. Duk yana da su, yana jira.

Wannan jira shi ne rabin dabarar. Kowace jimla a amsar tana da ƙofa. Wanda ya ji “bayan na cire asarar zafi da ƙura” idan injiniya ne zai tambaya, nawa ka cire, me ya sa? A nan saurayin zai fito da kashi 0.4 a kowane digiri, cikin jimla uku, ya sake yin shiru. Wanda ya ji “tsayin mita 40” zai ce, ina ka samo 40? Sai ya warware masa huɗun nan da suka haɗu. Adadin da ka faɗa bayan an tambaye ka ya fi nauyi a kunnen kwamiti a kan wanda ka zuba tun ba a nema ba, domin na farko yana nuna a cikin kanka yake, na biyu kuwa yana iya zama hadda. Kuma kai ne ka zaɓi ƙofofin, saboda haka tambayoyin za su faɗo inda ka fi ƙarfi.

Akwai wata tarbiyya tamu mai kyau da take cutar da mu a wannan ɗaki. An koya mana kada mutum ya yabi kansa, don haka sai ka ji yaro yana ta cewa mun yi, mun haɗa, mun gano. Kwamiti mutum ɗaya zai ɗauka, ba ku huɗu ba, kuma idan bai ji naka ba zai ɗauka riƙe tsani ka yi. Faɗin abin da hannunka ya yi ba girman kai ba ne, shaida ce, kuma adalcinta shi ne ka ba kowa nasa. Ka ce masu haƙa rijiyar daban ne, wani abokin aiki ne ya yi ginin da tankin ya hau, ni na yi lissafin wuta. Wannan rabewa tana kare ka. Idan aka tambaye ka yadda aka zaɓi wurin haƙawa, ka riga ka faɗa ba ɓangarenka ba ne, sai ka faɗi iyakar abin da ka gani. Wanda ya rungume aikin duka da sunansa, tambaya ta uku take kama shi, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai ka san da wa kake magana. A kwamiti ɗaya za ka iya samun jami'ar ma'aikata wadda ba ta karanta lantarki ba, da injiniyan da ya shekara ashirin yana haɗa famfuna. Amsar farko ta zama wadda dukansu za su bi. Shi ya sa saurayinmu ya ce rijiyar ba ta iya biyan famfon, bai fara da kalmomin aji ba. Idan injiniyan ya ja ka ciki, ka shiga da kalmomin sana'a yadda suke, amma ka rufe da jimla ɗaya da za ta dawo da kowa, misali, abin da wannan yake nufi shi ne famfon ba zai ƙone ba. In ba ka tabbatar da zurfin da ake so ba, tambaya ba laifi ba ce: “In shiga lissafin, ko wannan ya wadatar?” Da yawa daga cikin waɗannan zama da Turanci ake yi, amma ina ba ku shawara ku fara gina amsar da Hausa. Idan ba za ka iya bayyana wa yayarka dalilin barin batir da harshenku na gida ba, Turanci lulluɓe ramin kawai zai yi, kuma masu tambaya sun saba ɗaga lulluɓi.

Yaya za ka gane ka fara zuba? Alamomin a bayyane suke. Mai rubutu ya ajiye biro. Wani ya juya sibinka zuwa shafi na gaba kana cikin magana. An katse ka da “to, kai me ka yi a ciki?” A bakinka ma akwai alama: idan ka ji kanka kana cewa sai kuma, sai kuma, sai kuma, to labarin kwanaki kake bayarwa. Magana mai zurfi kalmominta su ne saboda, maimakon, shi ya sa. Idan ka kama kanka a tsakiyar zuba, kada ka nemi gafara mai tsawo. Ka tsallaka kai tsaye zuwa sakamako, ka faɗi adadinsa, ka tsaya. Alamar kishiyar haka, wato rashin zurfi, ita ce a tambaye ka me ya sa, ka ce haka oga ya ce, ko haka aka saba yi. Ko da ogan ne ya yanke, aikinka ne ka koma ka gano dalilinsa kafin ranar intabiyu.

Za a yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, wani lokaci da gangan, don a ga halinka a bakin iyakarka. A ce an tambayi saurayinmu ko an auna ingancin ruwan, ko yana da gishiri ko wani sinadari. Idan bai sani ba, amsar da ta fi ita ce: “Ban yi wannan gwaji ba, kuma ban ga sakamakonsa ba. Da ni ne da alhakin, da na kai samfur ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a.” Ya faɗi gaskiya, ya kuma nuna ya san abin da ya kamata. Haka ma batun lita 9,600. Zai ji sha'awar ya ce an cimma 10,000 cif. Kada ya yi. Adadin da ya ɗan gaza, wanda aka san yadda aka auna shi, ya fi tabbatar wa mai sauraro cewa awo aka yi.

Layin da ke kan sibin ma da wannan ma'auni za a rubuta shi, domin shi ne yake jawo tambayar tun farko. “Na halarci aikin haɗa rijiyar sola” ba ya gaya wa kowa komai. Ka rubuta abin da ka yi da girmansa da sakamakonsa a layi biyu: ka lissafa famfo da farantai na wat 750 don lita 10,000 a rana, ka gano kuma ka magance jan iska na lokacin rani. Kada ka sa wani abu a takardar da ba za ka iya jure tambaya uku a jere a kansa ba. Kundin kammala digiri, da aikin da ka yi lokacin bautar ƙasa, da manhajar da ka rubuta wa shagon magani, da gwajin irin gero a gonar makaranta, duk wannan gini yana ɗaukarsu, domin kowannensu yana da takura da shawara da abin da ya ƙi tafiya daidai. Idan ka duba aikin ka rasa shawara ko ɗaya da kai ka yanke, ka zaɓi wani aikin, ko da ya fi ƙanƙanta.

Shirin kuwa ba ya buƙatar kuɗi. Ka ɗauki takarda ɗaya ka raba ta biyu. A sama ka rubuta jimlolin amsar farko, kada su wuce goma. A ƙasa ka rubuta duk adadin da ke bayan kowace jimla da inda ka samo shi, ka sake lissafa su da hannunka, domin littafin da ka rubuta shekara biyu da suka wuce yana iya ɗauke da kuskuren da ba ka lura ba. Ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara, ka yanke duk jimlar da za a iya faɗa a kan aikin kowa. Kada ka haddace kalma da kalma, ka riƙe jerin kawai, don idan an katse ka ka san inda za ka koma. Daga nan ka nemi abokin karatu mai taurin kai, ka ba shi aiki ɗaya: duk abin da ka faɗa ya ce me ya sa, har sau uku. Inda ka kasa amsa na uku, nan ne karatunka na wannan mako yake, kuma gara ka gano shi a zauren gidanku da a gano maka shi a gaban mutum biyar masu biro a hannu. Allah ya ba ku sa'a, ya sa abin da kuka koya ya amfane ku ya amfani garinku.